Yadda aka rufe tsohon shafin Facebook na wata malama a Sakkwato bayan layinta ya koma hannun wani

Wata malamar firamare ce da ke zaune a Mabera. An buɗe mata shafin Facebook a 2013, lokacin tana ɗaliba, a wani kafe da ke kusa da makarantarsu. Yaron kafen ne ya yi komai: ya ƙirƙiro mata imel na Yahoo, ya zaɓi kalmar sirri, ya rubuta mata a takarda, ya sa laƙabin da ƙawaye ke kiranta da shi a matsayin suna. Ranar haihuwa ma da ka ya cike ta. Ta yi shekaru tana shiga shafin ta Opera Mini ba tare da an sake tambayarta kalmar sirri ba, don haka ba ta taɓa haddace ta ba. A 2019 aka sace wayar. Ta sayi wata da sabon layi, ta buɗe sabon shafi da sunanta na gaskiya, ta bar tsohon da hotunan ƙuruciya a ciki, buɗe ga duk wanda ya nema.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata ɗalibarta ta dā ta turo mata ɗaya daga cikin hotunan. Ba wani abin kunya a hoton, amma matar aure ce yanzu, kuma malama, ba ta son ya ci gaba da yawo. Ta zo shagona, inda nake gyara da saita waya, da buƙata ɗaya: a goge shafin. Ba ta da kalmar sirri, ba ta tuna imel ɗin, layin kuma ya tafi da wayar.

Abu na farko da na faɗa mata bai yi mata daɗi ba. Facebook ba ya goge shafin mutum mai rai don wani ya aiko saƙo ya ce nasa ne. Maɓallin gogewa yana cikin shafin, sai an shiga za a kai gare shi. Dalilin a fili yake: da ana gogewa da magana kawai, da duk mai jin haushin wani ya sa an shafe masa shafi. Saboda haka aikinmu na gaskiya shi ne nemo hanyar shiga, ko da sau ɗaya ne. Gogewar kanta ba ta wuce minti biyar.

Mun fara da nemo shafin ta wayar wata ƙawarta da ke cikin abokan tsohon shafin. Wannan yana da amfani biyu. Na ɗaya, adireshin shafin yana nuna sunan da za a iya amfani da shi wajen bincike, ko da an manta imel. Na biyu, a sashen `About`, ƙarƙashin bayanan tuntuɓa, aboki kan ga lambar waya ko imel idan mai shafin ya bar su a buɗe ga abokai. A nata babu lamba a bayyane, amma mun samu sunan. Da shi muka je nan:

```
facebook.com/login/identify
```

Shafin ya fito da laƙabinta da hotonta, tare da hanyoyin da za a iya aika lambar tabbatarwa. Facebook ba ya nuna su a cike. Imel ɗin harafin farko da na ƙarshe kawai ake gani, sauran taurari ne, lambar waya kuma sai lambobin ƙarshe. Hanyoyi uku ne suka fito: imel ɗin Yahoo, lambar da ta gane nan take a matsayin layinta da aka sace, da wata lamba ta biyu da ta ce ba ta san ta ba. Na sa ta rubuta duka a takarda. Ba mu danna aikawa a kan ko ɗaya ba, kuma wannan haƙurin yana da dalili da zai fito a gaba.

Kafin a taɓa maganar layi, akwai hanya mafi sauƙi da nake fara dubawa ga kowa: ko kalmar sirrin tana ajiye a wani wuri. Wanda ya taɓa shiga Facebook ta Chrome, sau da yawa za a same ta a `passwords.google.com` idan ya shiga da Gmail ɗin da ke kan tsohuwar wayar. Tsohuwar waya da ke cikin durowa, ko kwamfutar gida, wani lokaci shafin na nan a buɗe a kanta. Ko ba a buɗe yake ba, Facebook ya fi sauƙaƙa wa mai neman shiga daga na'urar da ya saba gani. Malamar ba ta dace da ko ɗaya ba. Wayar da ta saba shiga da ita ita ce aka sace, takardar yaron kafe ta ɓace tun tuni, kafen ma an rufe shi.

Imel ɗin ma bai kai mu ko'ina ba. Ba ta taɓa buɗe shi da kanta ba, kuma Yahoo na iya rufe akwatin da aka yi wata 12 ba a shiga ba. Ga masu Gmail, Google ya sanar a 2023 cewa zai iya goge asusun da ya kai shekara biyu ba a yi amfani da shi ba, kuma adireshin da aka goge ba a sake ba kowa, har mai shi na farko. Mun cike gurbin taurarin da abin da muke zato, muka aika saƙon gwaji, ya dawo da bayanin cewa babu akwati mai wannan suna. Ko dai zatonmu bai dace ba, ko akwatin ya mutu. Ko wanne ne, ba hanya.

Sai layin da aka sace, kuma a nan ne lamarin ya fi nauyi. Mutane da yawa sun ɗauka layin da aka daina amfani da shi yana nan yana jiran mai shi. Ba haka ba ne. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata shida ba kira, ba saƙo, ba sayen kati ko data, kamfani na iya dakatar da shi. Idan aka ƙara wata shida a haka, mai shi na iya rasa lambar, a sake sayar da ita ga wani. Da ta je ofishin kamfanin a makonnin farko bayan satar, da an yi mata welkom bak, an ba ta sabon sim da tsohuwar lambarta. Ko a yau wanda layinsa bai daɗe da ɓacewa ba, abin da ya kamata ya fara yi ke nan: ya je da lambar NIN ɗinsa, ya tuna lambobin da ya fi kira da kuɗin da ya sa na ƙarshe, kuma idan katin da sim ɗin ya zo a jiki ya ɓace, akan nemi takardar rantsuwa daga kotu.

Ita shekaru sun wuce. Na ce ta kira lambar, ta sa a sifika. Ta shiga. Wani mutum ya ɗauka, da jin maganarsa ba ɗan wannan yanki ba ne. Ta ba shi haƙuri cewa kuskuren lamba ne, ta kashe. Washegari ta je ofishin kamfanin layin, aka tabbatar mata cewa lambar tana kan rajistar wani. Tun daga Disamba 2020 da gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da NIN, layi na wanda NIN ɗinsa ke kai ne, kuma mutumin bai yi laifin komai ba. Saye ya yi kamar kowa.

Da ta dawo sai ta kawo shawarar da kusan kowa ke kawowa. Ta ce, "Malam, to mi zai hana mu kira shi mu roƙe shi ya karanto muna lambobin in sunka shigo?"

Na hana, kuma har yau ina ganin hanin daidai ne. Da farko, roƙon ya yi kama da na 'yan damfara kalma bisa kalma: baƙuwar murya, labari mai ban tausayi, sannan a karanto lambobin da suka shigo waya. Mai hankali ba zai bayar ba, kuma bai kamata ya bayar ba. Abu na biyu ya fi wannan. A halin da ake ciki mutumin bai san cewa layinsa na iya buɗe shafin wata ba. Da zarar an aika lambar tabbatarwa zuwa wayarsa, an faɗa masa. Zai iya sa lambarsa a wurin neman shafi, ya ga suna da hoto, ya canza kalmar sirri, ya shiga. Daga nan saƙonninta na shekaru, hotunanta da jerin abokanta duk suna hannunsa, kuma zai iya rubuta wa 'yan uwanta da sunanta yana neman kuɗi. Ban ce zai yi ba, ban san shi ba. Amma ba a miƙa wa wanda ba a sani ba makullin ɗaki don a gwada amanarsa. Wannan ne ya sa tun farko ban bari aka danna aikawa ba.

A wannan gaɓar mun zauna mun auna sauran hanyoyin, kuma yana da kyau a san iyakar kowace.

A shafin neman shiga, wani lokaci akan ga `No longer have access to these?` a ƙasan jerin. Ba kullum yake fitowa ba, ya fi fitowa a na'urar da aka taɓa shiga shafin da ita. Idan ya fito, akan nemi sabon imel, sannan a iya neman hoton katin shaida ko ɗan bidiyon fuska. Katin yana aiki ne idan abin da ke jikinsa ya dace da abin da ke shafin. Malamar tana da katin ɗan ƙasa da katin zaɓe, amma shafin laƙabi ne a kai, da ranar haihuwar da yaron kafe ya ƙirƙira. Ba abin da za a haɗa. Tsohon tsarin nan na zaɓen amintattun abokai da za su karɓar wa mutum lambobi kuwa, Facebook ya daina shi, duk da har yanzu ana samun tsofaffin bidiyoyi suna koyar da shi.

Akwai kai ƙarar shafin. 'Yan uwanta sun ba ta shawarar a tara mutane a guruf kowa ya kai ƙara har a rufe. Facebook da kansa ya bayyana cewa yawan masu ƙara ba shi ke sa a cire abu ba, ana duba ko abin ya saɓa dokokinsa ne. Tsohon shafi mai hotunan biki bai saɓa komai ba. Zaɓin cewa wani na sojan gona da sunan mutum an yi shi ne don shafin bogi, ko shafin da wani ya ƙwace yana amfani da shi. Da mun ga alamar haka, wato sabon rubutu, ko an canza hoto, ko abokai sun fara samun saƙon da ba ita ta aika ba, da `facebook.com/hacked` za mu nufa, kuma ƙarar za ta zama gaskiya. Mun duba ta wayar ƙawar, rubutu na ƙarshe na 2019 ne, ba abin da ya motsa.

Wani ya ce mata a cike fom ɗin da ake sanar da mutuwar mai shafi. Wannan ƙarya ce, kuma ko an bar maganar ƙarya, ba ta biyan buƙata. Ana neman shaidar rasuwa, sannan shafin da aka mayar na tunawa yana nan a bayyane da hotunansa, sai dai an kulle shi yadda ba mai iya shiga. Mai rai da ya yi haka ya toshe wa kansa hanya. Masu tallan cewa za su kutsa su buɗe shafi a biya su kuwa, ba su da wata ƙofa da mai shafin ba shi da ita. Abin da aka saba gani shi ne su karɓi kuɗin su ɓace, ko su nemi hoton katin shaida, wanda ya fi kuɗin haɗari.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin neman a goge bayanansa, kuma akwai hukumar NDPC da ake kai koke gare ta. Hanya ce ta gaskiya, amma doguwa ce, kuma ita ma tana komawa ga tambaya ɗaya: ta yaya za a tabbatar shafin naka ne? Na ajiye ta a matsayin ta ƙarshe.

Abin da ya rage shi ne lamba ta biyu da ke kan takardar. Lambar waya ba ta shiga shafi da kanta, wani ne ya sa ta, ya kuma karɓi saƙon tabbatarwa a kanta. Don haka tambayar da na yi mata ita ce: a shekarun nan, wayar wa kika taɓa ara? Na ce ta bi lambobin gidansu ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙarshensu, ta fara da waɗanda suka daɗe da layi ɗaya. Ba a daɗe ba ta tsaya a kan lambar babban yayanta da ke Runjin Sambo. Sai ta tuna: akwai lokacin da wayarta ta lalace tana makaranta, ta yi hutu guda tana shiga Facebook da tasa, aka nemi lamba, ya sa tasa.

Dacewar lambobin ƙarshe ba hujja ce tabbatacciya ba, layuka da yawa na iya ƙarewa iri ɗaya. Amma ga labarin da ya yi daidai da ita, kuma yayan bai taɓa canza layi ba. Ta kira shi ta yi masa bayani. Ya ce, "In dai lambobi na, ban karanta ma kowa ta waya, ko ke ce. Ki taho gida da maraice." Na ji daɗin amsar. Da maraicen muka je tare, muka yi aikin da wayarsa a gabansa, wadda ma ta fi mana, tunda saƙon a nan zai sauka. Muka zaɓi lamba ta biyu, saƙon ya shigo, aka sa sabuwar kalmar sirri, shafin ya buɗe.

Hannunta ya tafi kai tsaye neman wurin gogewa. Na dakatar da ita, domin a nan ne mutane da yawa ke yin asarar duk wahalar da suka sha. Idan aka nemi gogewa, Facebook ba ya gogewa nan take. Yana ba da kwana 30, kuma duk wanda ya shiga shafin a cikin kwanakin zai iya soke gogewar. Layinta na dā yana nan cikin hanyoyin shiga, yana hannun baƙo. Da an goge a haka, an bar wata guda cur da mutumin zai iya shiga, ya danna `Cancel Deletion`, shafin ya zama nasa, ita kuwa tana zaune da tunanin an gama.

Saboda haka muka bi wannan tsari. Mun shiga `Settings & privacy`, sai `Settings`, sai `Accounts Center`, sai `Personal details`. A `Contact info` muka ƙara imel ɗinta na yanzu, muka tabbatar da shi, sannan muka cire tsohon layin da imel ɗin Yahoo. Sai an sa sabo kafin a cire tsoho. Lambar yayan muka bari har ƙarshe, don kada a rasa hanya idan wani abu ya taso. Daga nan muka je `Password and security`, muka buɗe `Where you're logged in`, muka fitar da duk na'urorin da ke jerin in ban da wadda ke hannunmu. Wayar da aka sace ba ta nuna wani motsi na kwanan nan ba, abin da ya kwantar mata da hankali.

Sannan na tambaye ta ko akwai abin da take so ta ajiye. Da farko ta ce babu. Da ta fara duba hotunan sai ta ci karo da na mahaifinsu, wanda ya rasu, a ranar wani suna, hoton da babu shi a wayar kowa a gidan. Facebook yana da wurin sauke kwafin bayanai a `Your information and permissions`. Ba ya fitowa nan take, sai an jira an haɗa fayil ɗin, kuma dole a sauke shi kafin a nemi gogewa. Mun nemi kwafin, muhimman hotunan kuma muka ajiye su ɗaya-ɗaya a wayar yayan a daren. Mun kuma duba ko tana riƙe da wani shafin kasuwanci ita kaɗai, domin irin wannan yana tafiya tare da shafin mai shi, da kuma ko akwai manhajar da take shiga ta hanyar wannan Facebook ɗin. Babu ko ɗaya. Kafin mu tashi muka mayar da hotunan da suka dame ta zuwa `Only me`, don su ɓace daga idon mutane tun daren, kafin fayil ɗin ya iso.

Da kwafin ya sauka, ta koma `Personal details`, ta shiga `Account ownership and control`, sai `Deactivation or deletion`. Zaɓi biyu ne a wurin, kuma ana yawan rikita su. `Deactivate account` ɓoye shafin kawai yake yi, komai na nan, ranar da aka sake shiga ya dawo. `Delete account` shi ne gogewa. Shi ta zaɓa, ta sa kalmar sirrin, ta tabbatar. Na ja mata kunne kada ta shiga don ta duba ko ya tafi, ta kuma cire shafin daga manhajar da ke wayar yayan don kada yara su taɓa.

Duba ta wayar ƙawa a kwanakin farko ba ya nuna an goge, domin shafin yana ɓacewa daga idon mutane tun ranar da aka nemi gogewar. Sai da kwana 30 suka cika ta gwada neman shafin a `facebook.com/login/identify` da imel ɗin da muka sa, ba a samu komai ba. Facebook ya ce kammala share komai daga rumbunsa na iya kai kwana 90, amma a wannan lokacin ba mai ganin abin da ke ciki.

Akwai abin da gogewar ba ta ɗauke ba, na kuma faɗa mata tun kafin ta danna. Saƙonnin da ta aika wa mutane suna nan a akwatinsu. Hotunan da ƙawaye suka ɗora a nasu shafukan tana ciki na nan, sai ta bi su ta roƙi a cire. Hoton da ɗalibar ta turo mata ma an riga an ajiye shi a waya, ba abin da zai janyo shi.

Tun da muka san lambar tana hannun wani, na sa ta lissafa sauran wuraren da ta taɓa bayar da ita. WhatsApp bai zama damuwa ba, domin yana goge asusun da ya yi kusan kwana 120 ba a taɓa ba. Banki ne ya zama abin dubawa. Asusun da ta buɗe tana ɗaliba har yanzu tsohuwar lambar ce a kai, ita ce kuma a kan BVN ɗinta, wato duk saƙon kuɗi na wannan asusun wayar baƙon yake zuwa. Ta je reshen bankin da katin shaidarta ta cike fom ɗin canza lamba.